Yadda Mai Aikin Zaman Kansa Ke Sallama da Wanda Ya Daɗe Yana Yi wa Aiki

Mai aikin zaman kansa shi ne wanda ke karɓar aiki daga hannun mutane ko ma'aikatu, ya yi a biya shi, ba tare da sunansa yana cikin jerin masu ɗaukar albashi ba. Mai zane a kwamfuta, da mai fassara, da mai ɗaukar hoto, da mai tsara lissafin shaguna duk suna cikin wannan sahu. Da yake babu takardar ɗaukar aiki, babu kuma wata takardar ajiye aiki da aka tanadar masa, shi ne zai tsara yadda rabuwar za ta kasance. Idan hulɗar ta yi shekaru, abin ya wuce kalmar ban kwana kawai, domin a tsawon lokacin kayan mai ba da aikin sun taru a hannunsa, kuɗi sun shiga tsakani, kunya kuma ta shiga. Sallamar da ta cika tana tafiya ne a jere: a sanar da wuri, a miƙa abin da ke hannu, a rufe lissafi, sannan a yi godiya a nemi yafiya. Mafi yawan rabuwar da ke ɓaci, an fara ne da na ƙarshen aka tsallake na tsakiya.

Misalin da za a bi a nan shi ne na mai zane a Kano da ya shekara takwas yana yi wa wata makaranta mai zaman kanta aiki. Shi ke tsara katin sakamakon ɗalibai, da katin shaida, da kalandar shekara, da takardar shirin bikin yaye ɗalibai. Shi ya buɗe wa makarantar shafin Facebook da shafin intanet, shi kuma ke sabunta su. Yanzu ya sami wani aiki da zai cinye lokacinsa, dole ya ajiye wannan.

Lokacin sanarwa

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce ma'aikacin da ya kai shekara 5 a wurin aiki sai an ba da sanarwar wata ɗaya kafin a raba gari. Wannan tanadi na ma'aikacin da aka ɗauka ne, bai hau kan mai zaman kansa ba. Abin da ke ɗaure shi shi ne yarjejeniyar da suka yi, in akwai ta a rubuce. In babu, wata ɗaya ya zama mafi ƙarancin abin da ya kamata, amma ma'aunin gaskiya shi ne kakar aikin mai ba da aikin.

Shekarar makaranta zango uku ce, tana farawa a Satumba ta ƙare wajen Yuli. Aikin mai zane yana yin tsanani ne a makonnin ƙarshen kowane zango, lokacin da ake buga sakamako, sai kuma farkon shekara da ake yi wa sababbin ɗalibai katin shaida. Wanda ya ce zai tafi ana saura mako biyu a raba sakamako ya jefa makarantar cikin tsaka mai wuya, ko da wata guda ya bayar a lissafin kalanda. Abin da ya dace shi ne ya sanar a farkon zango na uku, ya ce zai kammala duk aikin zangon har zuwa bikin yaye ɗalibai, dogon hutu kuma ya zama lokacin miƙa kaya. Haka lissafin yake a kowace sana'a: tela ba ya sallamar mai shago a goman ƙarshe na azumi, mai tsara lissafi ba ya tafiya ana gab da rufe littafin shekara.

Sanarwar farko da baki ake yin ta, ido da ido, kuma ga mai makarantar kansa. Hulɗar shekara takwas ba a yanke ta da saƙon waya, kuma babu abin da ya fi ɓata wa babba rai irin ya ji labarin daga bakin akawunsa. Sai a nemi lokacin da ba shi da baƙi, a gama gaisuwa a tsanake, sannan a shiga magana kai tsaye: "Alhaji, dama wata magana ce ta kawo ni. Na sami wani aiki da zai ɗauke mini lokaci, ina ganin daga ƙarshen wannan zangon ba zan iya ci gaba da na makaranta yadda ya kamata ba. Shi ya sa na ce in zo da wuri, kada in bar ku a rana." Dalili ɗaya ya isa, kuma ya zama na gaskiya. Ƙirƙiro tafiya ko rashin lafiya ba dabara ba ce a garin da gobe za a haɗu a masallaci ko a wurin ɗaurin aure.

Babbar matsala a nan ita ce kunya. Mai makaranta zai ce, "Haba Malam, ai ba ma yi haka da kai ba, ka dai duba," shi kuma nauyin baki ya sa ya amsa da "to, bari mu gani." Kowa sai ya tashi da tasa fahimtar: ɗaya yana ganin ya yi sallama, ɗaya yana ganin ya shawo kansa. Ana gane sanarwar ba ta shiga ba idan bayan mako biyu aka aiko da aikin zango mai zuwa kamar ba a yi magana ba. Maganin wannan shi ne a ambaci rana takamaimai a zaman, a kuma bi bayanta da gajeren saƙo a rubuce a wunin ranar. Wanda kuma yake shirye ya zauna in an ƙara masa kuɗi, to ciniki ya zo yi, gara ya faɗi haka tun farko. Wanda ya yi barazanar tafiya aka ƙara masa ya zauna, duk ranar da ya sake cewa zai tafi ba za a ɗauke shi da gaske ba.

Miƙa kaya

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake yawan yin sakaci. Mai zane ya zauna ya rubuta duk abin da ke hannunsa na makarantar, kuma zai tarar sun fi yadda yake zato. Akwai fayilolin zane, akwai hotuna da sunayen ɗalibai, akwai mabuɗan shafuka, wataƙila har da hatimin makaranta ko layin waya.

Fayilolin zane iri biyu ne. Akwai wanda aka gama aka kai maɗaba'a, yawanci PDF, wanda ake bugawa amma gyara shi wahala ne. Akwai kuma na asali, wanda a wajen mafi yawan masu zane a Kano na CorelDRAW ne, mai ƙarewa da `.cdr`. Idan PDF kaɗai aka bar wa makaranta, duk wanda ya gaji aikin sai ya sake zana katin sakamako daga tushe don kawai ya canza shekara. Na asalin ma yana da tarko biyu. Fayil ɗin da aka adana da sabon CorelDRAW ba ya buɗuwa a tsoho, don haka sai a tambayi wanda zai karɓa wane ne a kwamfutarsa, a adana masa daidai da shi. Na biyu shi ne haruffa. Idan samfurin harafin da aka rubuta sunan makaranta da shi babu shi a sabuwar kwamfutar, za ta maye gurbinsa da wani, layuka su goce, tambarin makaranta ya sauya kama. Masu zane kan kauce wa haka da umarnin `Convert to Curves`, wanda ke mayar da rubutu zane, sai dai rubutun da aka yi wa haka ba ya sake gyaruwa a matsayin rubutu. Saboda haka kwafi biyu ake bayarwa, ɗaya da aka mayar zane domin bugu, ɗaya mai rubutu a buɗe domin gyara, tare da sunayen haruffan da aka yi amfani da su. A zuba su a filashi, a jera su shekara-shekara, a kuma buɗe biyu ko uku a kwamfutar makarantar a gaban wanda zai karɓa. Fayil ɗin da ba a buɗe a gaban mai shi ba, ba a tabbatar an miƙa shi ba.

Wa ke da zanen ma? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bar haƙƙin aiki a hannun wanda ya ƙirƙire shi matuƙar ba a yi yarjejeniya a kan saɓanin haka ba, kuma mayar da haƙƙin ga wani sai a rubuce. Mai makaranta dai a ransa tambarin nasa ne tunda ya biya, ba kuma zai taɓa tunanin akwai wata magana ba. Riƙe tambarin makaranta bayan shekara takwas ana cin arziki tare ƙaranta ce, ba kuma ta da riba. Layi ɗaya a takardar miƙa kaya ya wadatar: tambari da duk zanen da aka biya kuɗinsa sun zama mallakin makaranta, shi kuma mai zane an yarje masa ya nuna su a matsayin samfurin aikinsa, ban da wanda ke ɗauke da hoto ko sunan ɗalibi.

Mabuɗan shafuka sun fi fayiloli haɗari, domin matsalarsu ba ta fitowa sai bayan watanni. A shekarar da aka buɗe shafin intanet ɗin, da imel ɗin mai zane da lambar wayarsa aka yi rajistar adireshin, saboda shi ne a gaban kwamfuta. Adireshin shafi haya ce da ake sabuntawa, galibi duk shekara, kuma tunatarwar biyan kuɗi imel ɗin da ke kan rajistar take zuwa. Idan ya tafi bai canza ba, wata rana shafin zai ɗauke, makaranta ba ta san inda za ta biya ba, in aka yi jinkiri sosai wani ma na iya sayen sunan. Abin yi shi ne makaranta ta buɗe imel nata na kanta, a mayar da rajistar kansa, a rubuta mata sunan kamfanin da aka yi rajistar a wurinsa da ranar da hayar ke ƙarewa. Adireshi mai ƙarewa da `.ng` yana ƙarƙashin hukumar NiRA ne, amma ta hannun kamfanonin rajista ake sayensa, don haka can za a yi canjin. In kuma za a ɗauke adireshin zuwa wani kamfanin, akwai lambar izini da ake kira `EPP code` da tsohon kamfanin ke bayarwa. A adireshin `.com`, sauya sunan mai rajista kan sa a kulle ɗaukewar har kwana 60, shi ya sa ba a barin wannan aiki sai makon ƙarshe.

Shafin Facebook ba a miƙa shi ta hanyar ba da kalmar sirri, domin yana rataye ne a asusun mai zane na kansa. Zai gayyaci mutumin makaranta ya ba shi cikakken iko, ya jira ya karɓi gayyatar, ya ga ya wallafa wani abu da hannunsa, sannan ya cire kansa. Wanda ya fara cire kansa kafin wancan ya karɓa yana iya barin shafin babu mai shi. Haka duk wani asusu da ke turo lambar tabbatarwa ta waya, sai an sauya lambar zuwa ta makaranta, in ba haka ba kalmar sirrin da aka miƙa ba za ta buɗe komai ba. Layin da ake amsa saƙon iyaye da shi a WhatsApp, in da lambar NIN ta mai zane aka yi masa rajista, miƙa sim kawai bai raba shi da layin ba. Ko dai a je ofishin kamfanin waya a sauya mallaka, ko makaranta ta sayi nata a sanar da iyaye. Bayan an gama, shi da kansa zai ce a canza duk kalmomin sirri. Wannan kariya ce gare shi, don in wani abu ya faru da shafin daga baya babu mai waiwayo shi.

Saura bayanan ɗalibai. Shekara takwas na katin shaida na nufin hotuna da sunaye da ranar haihuwa da lambobin iyayen yara masu yawa suna kwance a kwamfutarsa. Amana ce, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da ta shafi irin wannan. Ya miƙa wa makaranta kwafinta, ta tabbatar ta karɓa, sannan ya goge nasa, har da waɗanda ke cikin waya da tsofaffin filashi.

Rufe lissafi

Doguwar hulɗa tana tara ƙananan basussuka da ba wanda ya rubuta: aikin da aka ce "za a haɗa da na gaba," kuɗin takarda da mai zane ya cika daga aljihunsa, kafin alƙalamin aikin da bai zo ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka babu abin kunya a kawo lissafi a takarda.

A ɗauka ga yadda na wannan mai zane ya kasance. Ya yi katin shaida 320 a kan naira 1,500 kowanne, kuɗi ya kama 480,000, an ba shi 300,000, saura 180,000. Zanen takardar bikin yaye ɗalibai 45,000 ne, ba a biya ba. Yana bin makaranta 225,000 ke nan. A ɗaya ɓangaren, an ba shi 70,000 don sabunta shafin intanet, ya kashe 52,000, ragowar 18,000 na hannunsa. An kuma ba shi kafin alƙalami na 100,000 a kan katin sakamakon sabuwar shekara, aikin da yanzu ba shi zai yi ba. Makaranta na bin sa 118,000. In an cire, makaranta za ta cika masa 107,000.

Kuskuren da ake yi shi ne a kai wa mai makaranta wannan adadi na ƙarshe shi kaɗai. Shi abin da yake tunawa shi ne ya ba da dubu ɗari kwanan nan, sai ga shi ana cewa ana bin sa. Takardar ta nuna ɓangarorin biyu, kowane layi da ranarsa da shaidarsa, rasit ko saƙon banki, kuma abin da mai zane zai mayar shi za a fara rubutawa. Cire wannan daga wancan sai da yardar mai makaranta, domin wani ya fi son a dawo masa da nasa, shi kuma ya biya nasa daban, saboda littafin akawu. Akawun ko shugaban malamai ya zauna a wurin, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi.

Akwai masu riƙe fayiloli ko mabuɗin shafi har sai an biya su. Ga aikin da ba a biya kuɗinsa ba, jinkirta miƙa fayil ɗinsa yana da hujja in an faɗa a fili. Amma riƙe shafin makaranta gaba ɗaya, wanda ta riga ta biya, saboda bashin katin shaida, garkuwa ce da kayan mutane, kuma labarin zai riga shi isa wurin sauran masu makarantu. In kuɗin ba za su samu lokaci ɗaya ba, a rubuta ranakun biya, misali rabi a ƙarshen Yuli, rabi a Satumba bayan iyaye sun biya kuɗin makaranta. Wanda kuma ya yi niyyar yafe wani abu, ya ambace shi da adadinsa: "Na takardar biki, dubu arba'in da biyar, na bar wa makaranta." Cewa "ba komai, Alhaji" a dunƙule ita ke haifar da rigima, domin mai makaranta zai ɗauka an yafe duka.

Zaman ƙarshe da takardar sallama

Sai an gama waɗannan ake zuwa sallama ta ainihi, kuma ba ta da tsawo. A gode da abin da ya faru da gaske, kamar cewa shi ne ya fara ba shi babban aiki, ko ya haɗa shi da wasu. A nemi yafiya yadda aka saba: "Zama tare ya gaji saɓani, duk abin da na yi muku ba daidai ba, wanda na sani da wanda ban sani ba, a yafe mini." Ba wurin tono tsofaffin ƙorafe-ƙorafe ba ne. In jinkirin biya ne ya kore shi, an riga an faɗa sau ɗaya a zaman farko, ya wadatar. Ya kuma leƙa ya sallami akawu da mai gadi da malamin da ke kawo masa sunayen ɗalibai, don da su ya fi cuɗanya, kuma su ake tambaya in ana neman mai zane.

Takardar da za ta biyo baya tana iya zama kamar haka:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, kamar yadda muka yi magana, aikina da makaranta ya kammala ranar 31 ga Yuli. Na miƙa wa akawu filashi mai ɗauke da dukkan zane-zane, an mayar da shafin intanet da na Facebook hannun makaranta, kuma hayar adireshin shafin za ta ƙare a watan Maris, sai a kula. Lissafi yana nan yadda muka sa hannu. Zuwa ƙarshen Satumba, duk abin da ya shige wa wanda zai karɓi aikin duhu, ya kira ni. Na gode da amanar da aka ba ni tsawon shekarun nan. Allah ya ƙara ɗaukaka makaranta, ya bar zumunci."

Kusan kullum za a ce wa mai zane ya kawo wanda zai maye gurbinsa. Ya ba da sunan wanda ya ga aikinsa da idonsa kawai, in da hali mutum biyu don makaranta ta zaɓa, kuma ya faɗa a fili cewa farashi da sharuɗɗa tsakaninsu ne. Wanda ya ce "yarona ne, na tsaya masa" ya ɗauki lamunin aikin da ba ya gani, in ya ɓaci kuma shi za a kira.

Wa'adin amsa tambayoyi shi ma yana buƙatar iyaka. Wata ɗaya ko biyu sun isa, kuma ya kamata su ratsa lokacin aiki na farko da magajin zai yi shi kaɗai, wanda a makaranta shi ne katin shaidar Satumba. Tambayar inda wani fayil yake kyauta ce. Amma "ɗan gyara mana wannan, minti biyar ne" aiki ne, kuma in ya karɓa sau biyu ya koma bakin aikin da ya ajiye, wannan karon babu ko ciniki. In an kira shi da irin wannan bayan wa'adi, ko dai ya tura su wurin magajin, ko ya faɗi kuɗin aikin kafin ya buɗe kwamfuta.